Ɗana ya ce maza yake so: me zan rubuta masa?

*Assalamu alaikum. Ni uwa ce a nan cikin Kano, shekarata 54. Ɗana na fari yana da shekara 29, yana aiki, yana zaune shi kaɗai a gidan haya. Shekara biyu ina matsa masa da maganar aure. Wani dare bayan isha'i ya durƙusa a gabana ya ce ba zai iya ɗauko 'yar mutane ya cuce ta ba, domin shi tun tasowarsa maza yake sha'awa, ba mata ba. Ban ce masa uffan ba, na tashi na shige ɗaki. Yau kwana tara bai zo gaishe ni ba, ni ma ban kira shi ba. Mahaifinsa bai sani ba, kuma mutum ne mai zafi. Bakina ba zai iya wannan magana ba, ni da ko sunansa ba na faɗa. Ina so in rubuta masa wasiƙa, amma na yaga takarda huɗu. Ba na son in saɓa wa Allah, ba na son in rasa ɗana. Me zan rubuta?*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanyaya miki zuciya. Aikina zama da iyalai ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Kano, na kuma zauna da iyaye mata masu ɗauke da irin wannan nauyi. Yawancinsu sai an yi ɓarin da ba ya kwasuwa suke zuwa. Ke kin zo tun tulun yana kanki.

Kafin mu taɓa alƙalami, akwai abin da nake so ki yi yau, kada ya kwana. Ki tura masa ɗan gajeren saƙo a waya, ko ki yi masa na murya: "Ka ci abinci kuwa? Allah ya yi maka albarka." Shi ke nan, kada ki ƙara komai. Dalilina shi ne, shirun da ke a wurinki kaɗuwa ce, shi a wurinsa hukunci ne. Wanda ya faɗi irin wannan magana yana da shekara 29, a mafi yawan lokuta ya fara ganin abin a ransa tun tasowarsa. Ya yi shekaru yana ƙiyasta abin da za ki ce, kuma mafi muni yake ƙiyastawa. Yanzu kowane dare da ya wuce ba ki kira ba yana tabbatar masa cewa kin sallama shi. Ba rashin kunya ce ta hana shi zuwa gaisuwa ba. Yana jin ba shi da sauran ƙafar taka gidan ne.

Ba tsoratar da ke nake yi ba, amma kwanakin nan su ne masu haɗari. A 2009 an wallafa wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka yi a Amurka a kan matasa 224 masu irin halin ɗanki, 'yan shekara 21 zuwa 25. Waɗanda iyalansu suka juya wa baya sosai sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen ba da labarin cewa sun yi yunƙurin kashe kansu. Amurka ba Kano ba ce, ba zan ɗauko adadinsu in jingina wa yaranmu ba. Sai dai akwai darasi a aikin waɗannan masu bincike da na ga gaskiyarsa da idona: sun yi aiki da iyalai masu riƙo da addini ƙwarai, suka ga ba sai uwa ta sauya aƙidarta take iya kare ɗanta ba. Rage zagi, da barin ƙofa a buɗe, da ci gaba da kiransa cin abinci, su kansu kariya ne. A wurinmu kuwa, inda yaro ya tashi yana jin cewa bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, nauyin kalmarki ya fi na can.

To, wasiƙar. Na san abin da ya sa kika yaga takarda huɗu: kina ƙoƙarin zuba komai a shafi ɗaya, hukuncin addini, da zafin ranki, da tambayoyinki, da tsoron mahaifinsa, da burin jikoki. Takarda ba za ta ɗauka ba, shi ma ba zai ɗauka ba. Wasiƙar farko aiki ɗaya gare ta, ta gaya masa cewa har yanzu ɗanki ne, kuma asirinsa yana rufe a hannunki. Sauran maganganun duk suna nan, kina da shekaru a gaba da za ku yi su baki da baki, amma sai in yana raye kuma yana zuwa gida.

Akwai abin da uwa a wata ƙasa ba za ta damu da shi ba, ke kuwa dole ki damu. A Kano takarda shaida ce. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Dokar shari'a ta jihar Kano ta 2000 kuma ta tanadi hukunci a kan luwaɗi, daga bulala da ɗauri har zuwa jifa. Waɗannan dokoki a kan aiki suke magana, ba a kan abin da mutum yake ji a ransa ba, kuma dokar 2014 ba ta ɗora wa uwa wajibcin kai ƙarar ɗanta ba. Amma a zahiri, kafin a kai ga gaban alƙali, zargi kaɗai ya isa a kore shi daga gidan haya, ya rasa aiki, ko matasan unguwa su far masa. Akwai kuma masu neman irin wannan hujja domin su riƙa tatsar mutum kuɗi da barazanar tona asiri. Saboda haka ki rubuta wasiƙar da in ƙaninsa ya tsince ta, ko mai wanki ya ciro ta daga aljihu, ba zai fahimci komai ba face uwa da ɗa sun samu saɓani sun shirya. Kada kalmar da ta bayyana al'amarin ta fito ko sau ɗaya. "Maganar da ka yi mini" ta wadatar. Kada ki sa cikakken sunansa, wannan ma alkunya ta riga ta sauƙaƙa miki. Kada ki ɗauki hotonta ki tura ta WhatsApp, domin waya tana shiga hannun yara, da mai gyara, da duk wanda ya ga dama ya ce a buɗe masa. Da hannunki za ki rubuta, da boko ko da ajami, duk wanda ya san rubutunki da shi. Takardu huɗun da kika yaga, in ba ki ƙone su ba, ki ƙone su yau.

Yanzu ga jimlolin da na san suna bakin alƙalaminki. Kusan kowace uwa da na zauna da ita da "Me na yi maka da za ka saka mini da wannan?" take so ta fara. Na fahimci inda tambayar ta fito, amma tana ɗauka cewa abu ne da ya zaɓa domin ya ɓata miki. Ki tuna yadda ya gaya miki: a durƙushe, yana tsoron cutar 'yar mutane. Wannan ba halin mai neman ɓata wa uwa ba ne. 'Yar'uwar wannan jimla ita ce "za ka kashe ni, hawan jinina ya tashi." Ko da gaskiya ne, kada ki rubuta. Mutumin da ya riga ya ɗauki kansa masifa ga iyalinsa, in aka ce masa shi ne ajalin uwarsa, abin da zuciyarsa za ta raya masa shi ne gara ya kauce daga duniyar kowa ya huta.

Sai "wa ya koya maka?" Iyaye suna neman mai laifi, makarantar kwana, ko abokai, ko waya, ko su kansu. Wata uwa ta taɓa ce mini ita ta jawo, don ta bar yaron yana taya ta girki yana ƙarami. Ba haka ba ne. Babu wani sahihin bincike da ya nuna cewa salon renon uwa ne ke sa ɗa ya tashi da wannan sha'awa, kuma gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, sai ki ga ɗaya ya fito haka sauran ba su fito ba. Gaskiya ne akwai yaran da manya suka ci zarafinsu suna ƙanana, kuma in hakan ya faru da ɗanki yana bukatar ya samu wanda zai gaya wa. Amma wannan tambaya ce ta daban, ta wata rana, da murya mai taushi. In ta zo a wasiƙar farko, tuhuma zai ji. Haka nan kada ki tambaye shi me ya aikata, ko da wa. Abin da yake ji ya gaya miki. Bai ce ya aikata komai ba, kuma addininmu bai ɗora miki bin diddigi ba.

Jimlar da ta fi kowacce yaudara, domin kamar tausayi take, ita ce "kada ka damu, za mu nemi magani." A nan dole in yi miki maganar aikina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka tun 1990. Babu ƙwaya, babu allura, babu wani tsarin zama da likita da aka tabbatar yana juya sha'awar mutum daga wani jinsi zuwa wani. Abin da aka tabbatar shi ne yunƙurin tilasta juyawar yana ƙara baƙin ciki da ƙin kai. Likitan ƙwaƙwalwa na gaskiya zai iya taimaka masa da rashin barci, da fargaba, da ciwon damuwa, amma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai "warkar" da shi cikin wata uku, kuɗinki yake so. Addu'a kuwa ki yi ta, dare da rana, ba mai raba uwa da addu'a. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki bari a kai shi inda ake ɗaure mutane da mari da sunan gyaran hali. Kin tuna abin da aka gani a 2019 lokacin da aka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, mutane ɗaruruwa da tabon duka da sarƙa a ƙafa. Wanda ya fito daga can bai sauya ba. Ya dai koyi cewa kada ya sake gaya wa uwarsa gaskiya.

Na san tambayar da ke cin ranki: in na rungume shi, ban yarda da saɓo ba? Ni ba malama ba ce, ba na ba da fatawa, kuma hukuncin da malamanmu suka faɗa a kan aikin luwaɗi sananne ne, ke kin sani, shi ma ya sani, wataƙila ya fi ki yawan kuka a kansa a cikin sujada. Ba sai kin rubuta masa abin da ya haddace ba. Amma ki duba abin da addinin ya ɗora miki ke. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, shi ya sa malamai suke bambanta abin da ke cikin zuciya da aikin gaɓɓai. Ya zo cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa nasa. Ya zo a Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki, kada ya dace da sa'ar karɓa. Kuma ki tuna Annabi Nuhu a cikin suratu Hud. Ɗansa ya ƙi imani gaba ɗaya, ruwa yana tasowa, amma da "ya ƙaramin ɗana" ya kira shi, yana cewa ya hau jirgi tare da su. Naki ɗan bai bar sallah ba, bai bar ki ba. Babu inda aka ce sharaɗin tsoron Allah shi ne uwa ta jefar da ɗanta.

Don haka ba na so ki yi masa ƙarya. Kada ki rubuta "ba komai" alhali da komai. Zai gane, kuma ranar da gaskiyar ranki ta fito zai ji kin yaudare shi. Kina iya faɗin cewa abin ya yi miki nauyi, kuma imaninki yana nan inda yake. Abin da ba na so shi ne sharaɗi, wato "kai ɗana ne in ka daina." Wannan "in" ɗin ita ke rusa wasiƙa. Tana gaya masa cewa zai ci gaba da zama ɗa ne kawai in ya koma ɓoyewa.

Ga yadda nake ganin za ta kasance. Na sa "Babana" a madadin lakabin da kike kiransa da shi. Ki sauya kalmomin su zama irin naki, kada ya karanta ya ji muryar wata.

*Babana,*

*Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na rubuto ne domin ka san halina, bakina ba ya iya doguwar magana da kai.*

*Daren da ka zo mini da maganar nan na tashi na bar ka a durƙushe. Ban kyauta ba. Ba korarka na yi ba, kaɗuwa na yi, ƙafafuna ne suka ɗauke ni. Ka yafe mini wannan shirun.*

*Na yi ta tunanin shekarun da ka yi kana ɗauke da wannan kai kaɗai, kana zuwa kana gaishe ni kana dariya, ni kuma ina ta matsa maka. Da ka so, da ka rufe ni ka yi abin da na ce, a cuci wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ba ka yi haka ba, ka zaɓi ka gaya mini gaskiya. Na ga wannan, kuma ban raina shi ba.*

*Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini nauyi. Akwai abin da ban fahimta ba, akwai abin da nake tsoro, kuma ka san ni da addinina, ina nan inda ka san ni. Zan bukaci lokaci. Amma ba na bukatar lokaci kafin in san cewa ni na haife ka. Kai ɗana ne jiya, kai ɗana ne yau. Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba.*

*Maganar tana tsakanina da kai da Allah. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya wa kowa ba sai da saninka. Zancen da nake damunka da shi na ajiye shi.*

*Abu ɗaya nake roƙo. Ka kula mini da kanka. In dare ya yi maka tsawo, in zuciyarka ta fara raya maka abin da ba shi ne ba, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ba sai ka yi bayani ba, ka ce "Umma" kawai, zan gane.*

*Ran Juma'a zan yi dambu. Ka zo bayan masallaci. Ba sai mun yi maganar ba.*

*Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.*

*Mahaifiyarka.*

Bari in nuna miki abin da ya sa wasu layukan suke wurin. Neman yafiya shi ne zai fi yi miki wuya, domin a al'adarmu uwa ba ta ba ɗa haƙuri, balle ɗan fari. Daidai wannan ne ƙarfinsa. Bai taɓa jin haka daga gare ki ba, don haka zai san ba wasiƙar al'ada ba ce. Ki lura kuma a kan shirun kaɗai kika nemi yafiya, ba a kan imaninki ba, ba a kan kaɗuwarki ba.

"Ban yi maka baki ba" kada ki cire shi ko da kin rage sauran. Abin da ɗan Bahaushe ya fi tsoro a duniya ke nan. Na zauna da magidanta masu furfura da suke danganta duk wata karayar arzikinsu da kalma ɗaya da uwa ta faɗa cikin fushi shekara 20 baya. Ɗanki a yanzu bai san ko kin furta wani abu a ɗaki bayan fitarsa ba. Ki cire masa wannan ƙaya.

Gayyatar kuwa da gangan na sa mata rana da abinci. "Ƙofa a buɗe take" magana ce mai daɗi, amma mai jin kunya ba ya shiga ƙofar da ba a ce masa yaushe ba. In kin ce Juma'a, kin ce dambu, ko duk abin da kika san yana so tun yana yaro, kin ba shi dalilin zuwa da zai iya faɗa wa kowa. "Ba sai mun yi maganar ba" kuma ta sauke masa fargabar cewa kotu zai tarar. In ya zo, ki cika alkawari. Ki zuba masa abinci, ki tambaye shi aiki, ki yi masa faɗan ramewa kamar yadda kika saba.

Alkawarin rufin asiri shi ne wanda na fi jin tsoron a karya, don haka kada ki rubuta shi sai kin tabbata za ki iya. Na san wata baiwar Allah da ta shiga irin halinki. Ba ta yi fushi da ɗanta ba, nauyin ne ya yi mata yawa, ta gaya wa ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya don ta samu sauƙi. Ƙanwar ta gaya wa mijinta domin a nemo malamin da zai yi addu'a. Kafin mako biyu maganar ta kai ga baffannin yaron, aka kira taron dangi, aka sa shi a tsakiya. Washegari ya bar gari, ya sauya lamba. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a cikinsu, kowa taimako yake ganin yana yi. Uwar ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kaɗai ya amince wa a duniya. Idan nauyin ya fi ƙarfinki, kuma zai yi, ki nemi wanda aikinsa ya ɗaure shi da riƙe sirri. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Ko a can ba sai kin faɗi sunan yaron ko inda yake aiki ba. Kina iya cewa damuwar iyali ce ta hana ki barci, ki fara auna mutumin kafin ki buɗe masa ciki.

Maganar Alhaji kuma, ba yanzu ba, kuma ba ke kaɗai za ki yanke ba. Na san zama da miji da irin wannan a ciki yana da wuya, za ki ji kamar kina ha'intarsa. Amma ɗanki baligi ne, sirrinsa ne, kuma kin ce mahaifinsa mai zafi ne. Abin da aka faɗa cikin minti ɗaya ba ya komawa. In wata rana za a gaya masa, sai da yardar yaron, sai kuma an tabbatar yana da wurin zama da abin hannunsa da ba su dogara da gida ba. Abin da za ki iya yi yanzu shi ne ki zama garkuwa a kan zancen aure. In dangi suka taso, ki ce, "Na yi magana da shi, a bar shi tukuna, ni na san abin da muka tattauna." Ba ki yi ƙarya ba. Za a ba ki shawarar a yi masa aure kawai, wai in ya ga mace a ɗaki zai warware. Na ga ƙarshen irin wannan aure ba sau ɗaya ba: yarinya tana kuka tana zargin kanta da muni, ana kai ta wurin masu maganin mata, shi yana ƙin dawowa gida sai ta yi barci, daga ƙarshe a rabu da tonon asirin da ya fi wanda aka guje wa. Ke ma kina da 'ya'ya mata ko na 'yan'uwa. Ba za ki so a yi maganin wani da taki ba.

Wajen isar da takardar, hannu da hannu ya fi. Kada ki ba ƙaninsa, kada ki ba ɗan aike. In kin saba aika masa abinci, ki je da kanki, ki miƙa masa kwanon da ambulan, ki ce ya karanta bayan kin tafi. Zuwanki ƙofarsa ma rabin wasiƙar ne. Ki ce masa in ya karanta ya adana ta inda ba mai gani, ko ya ƙone ta, yadda ya ga ya fi masa.

Kada ki sa ran amsa nan take. Wani zai kira cikin sa'a guda yana kuka, wani zai yi mako bai ce komai ba saboda bai yarda da abin da idonsa ya karanta ba. In Juma'ar ta zo bai zo ba, kada ki ɗauka raini ne. Ki aika masa dambun, ki sake cewa Juma'a mai zuwa. Amma akwai alamun da ba a jira a kansu. In ya daina zuwa aiki, ko ya kashe waya kwana da kwanaki, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya turo saƙo mai kama da bankwana, irin "ki yafe mini duk abin da na yi miki, ki kula da ƙannena," ko kuma ya yi wani irin sanyi farat ɗaya bayan tsananin damuwa, to ki tashi ki je inda yake a wannan sa'ar. Ki tambaye shi kai tsaye, "Kana tunanin kashe kanka?" Mutane suna tsoron wai tambayar za ta cusa masa tunanin. Ba ta cusawa, sau da yawa ma ita ke ba mutum damar sauke abin da ya kasa faɗa. In ya ce e, ko ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kada ki bar shi shi kaɗai a daren. Ki kawar da magunguna, da maganin ƙwari ko na ɓera in akwai a ɗakin, ki tafi da shi asibiti. A can abin da za ki ce shi ne ɗanki yana cikin matsananciyar damuwa kuma yana tunanin halaka kansa. Wannan ya isa a karɓe shi, sauran bayanin nasa ne, in ya ga dama ya yi wa likita.

Ke ma za ki yi kuka, Hajiya, kuma ba laifi ba ne. Kin yi shekaru kina ganin ranar ɗaurin aurensa a ranki, wataƙila har kin fara tara kayan lefe a ƙasan akwati. Ki yi kukanki a kan sallaya, ki rubuta duk zafin a wata takarda daban wadda ba za ki ba kowa ba, ki ƙone ta. Tasa kuma ki rubuta ta da safe bayan kin karya, ba da tsakar dare ba. Ki ajiye ta zuwa azahar, ki sake karantawa sau ɗaya kina tambayar kanki ko akwai layin da zai sa ya ji tsoron zuwa ran Juma'a. In akwai, ki soke shi, ki kwafe sauran a sabuwar takarda, ki sa mayafi ki kai masa.